Kilarinet a Hunturu: Me Ke Tsaga Katakonta, Kuma Yaya Ake Kare Ta?

Baƙin katakon da ake sassaƙa kilarinet mai tsada da shi ɗan Afirka ne. Masana tsirrai suna kiran bishiyar Dalbergia melanoxylon, masu ƙera kayan busa suna ce mata girenadila, a Tanzaniya kuma impingo. Mafi yawan wanda ake kai wa masana'antun Turai da Japan daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa, amma bishiyar tana tsirowa a busassun dazuzzuka tun daga Senegal har gabashin nahiyar. Takan ɗauki shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara, kuma katakonta yana da nauyin da idan aka jefa shi a ruwa nitsewa yake yi. Tun daga shekarar 2017 cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin sa ido na yarjejeniyar CITES.

Mutum zai zaci itacen da ya girma cikin fari da rana ba zai ji tsoron hunturun Kano ko na Damagaram ba. Sai dai masu busa a badujalar soja da ta 'yan sanda, da na majami'u da makarantu, sun san akasin haka. Tsakanin Disamba da Maris ne kilarinet ta katako ta fi tsagewa a ƙasashen nan, kuma wannan lokaci ne aikin busa ya fi yawa: waƙoƙin Kirsimeti, bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba a Nijar, faretin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu a Najeriya. Abin takaici shi ne yawancin tsagewar nan ana iya kauce mata da kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Katako, ko ya shekara ɗari da sarewa, bai daina mu'amala da iska ba. Idan iska tana da laima sai ya sha ya kumbura, idan ta bushe sai ya saki ruwansa ya tsuke. Duk mai ƙofar katako a gida ya ga wannan: da damina sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu kuma har haske ake hangowa ta gefenta. Katako gama-gari da ya zauna a iskar da laimarta ta kai kashi 80 cikin 100, irin ta Legas ko Kwatano, yakan riƙe ruwa kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. A laima kashi 50 ruwan yana sauka zuwa wajen kashi 9. A laima kashi 20 ba ya kai kashi 5. Girenadila, saboda maiƙon da ke jikinsa da matsewar ƙwayoyinsa, yana wannan sauyi a hankali fiye da sauran katako, amma yana yi.

Masu ƙera kilarinet suna son ta zauna a laima tsakanin kashi 40 da 60. Da rana tsaka a cikin hunturu, laimar iska a arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20, wani lokacin ma ƙasa da haka sosai. To a nan ne matsalar take. Numfashin ɗan Adam yana fitowa da ɗumi, cike da laima har iyakar abin da iska za ta iya ɗauka. Mai busa yana cusa wannan numfashi cikin rami mai faɗin kimanin milimita 15, ruwa yana taruwa a bangon ciki, katakon ciki yana sha yana neman buɗewa. A daidai wannan lokaci bayan kilarinet ɗin yana fuskantar busasshiyar iska yana tsukewa. Ciki yana turawa, waje yana matsewa, kuma kaurin da ke tsakaninsu bai kai santimita ɗaya ba. Idan ƙarfin ya wuce abin da katakon zai jure, sai ya buɗe ta bin tsawon jijiyarsa.

Don haka zafi shi kaɗai ba shi ne babban mai laifi ba. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi ne. Sanyin asuba na hunturu yana ƙara tsananta abin, domin numfashi mai ɗumi a cikin katako mai sanyi yana sa ruwa ya fi taruwa, ciki kuma ya riga waje ɗumama. Zafin bazara na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana saurin zuƙe sauran ruwan da ke jikin katakon. Na'urar sanyaya ɗaki ma busar da iska take yi, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka sun kyauta wa kayansu idan suka ajiye a gabanta.

Tsagar ba ta zaɓar wuri da ka. Kilarinet gaɓa biyar ce: bakin busa, 'yar ganga, gaɓar sama, gaɓar ƙasa, da buɗaɗɗen bakin ƙarshe. Gaɓar sama ce ta fi shan ruwa saboda kusancinta da baki, kuma a samanta aka huda ƙananan ramuka kusa da juna, aka kafa ginshiƙan ƙarfe masu riƙe maɓallai. Siririn katakon da ke tsakanin ramuka biyu shi ne ya fi rauni. Can masu gyara suke fara dubawa, sai 'yar ganga, sai bakunan da gaɓa ke shiga cikin gaɓa.

A ɗauki misalin saurayi mai busa a ƙungiyar mawaƙan wata majami'a a Kaduna. Ya tara kuɗi ya sayi kilarinet ta katako, ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Turai ta yi watanni a shago a Legas. Ta iso hannunsa a farkon Disamba, bikin waƙa kuma saura mako uku. Katakon nan ya ƙoshi da laimar bakin teku, ga shi an daɗe ba a busa shi ba. Abin da zuciya za ta raya wa saurayin shi ne ya buɗe akwati a daren farko ya busa awa biyu, ya bar ta a haɗe a kan tebur don gobe. Idan ya yi haka kwana huɗu ko biyar, alamar farko da zai gani ita ce zobban ƙarfe da ke bakin 'yar ganga da gaɓar ƙasa sun fara juyawa da yatsa, wani ma ya zame ya faɗo. Wannan yana nufin bayan katakon ya riga ya tsuke. Zobban nan ba ado ba ne, su ne ke riƙe bakin gaɓa kada ya buɗe idan an cusa wata gaɓar a ciki. Haɗa kilarinet mai sakakken zobe hanya ce ta tsaga bakin nan take.

Alama ta biyu ita ce gaɓoɓin suna cijewa, ba sa rabuwa sai da kokawa, ko wani dogon maɓalli ya fara nauyi saboda ginshiƙansa sun matso juna. Ta uku kuwa ita ce wadda ake gudu: wata safiya ƙananan sautuka su ƙi fita, kilarinet ta dinga ƙara mai tsini, a duba a ga layi siriri kamar gashi ya ratsa daga rami zuwa rami.

Da saurayin ya samu mai ba shi shawara, makon farko ba zai busa ko sau ɗaya ba. Zai sayi ƙaramin ma'aunin laima mai batir ya sa a cikin akwatin, tare da abin da zai riƙa sakin danshi kaɗan kaɗan, ya rufe, ya bar katakon ya sauko daga laimar Legas zuwa wajen kashi 50 a hankali. A mako na biyu zai fara da minti 10 zuwa 15 a rana, ya goge, ya mayar akwati. Daga nan yana ƙarawa da kaɗan kaɗan, ba tare da ya wuce rabin awa a rana ba har wata ya cika. Haka masu ƙerawa suke ba da shawara game da sabuwar kilarinet, kuma ƙa'idar ta shafi tsohuwar da aka daɗe ba a taɓa ba. Bikin waƙar kuwa sai ya ari ta roba. Wannan shawara tana da ɗaci ga wanda ya ƙagu ya nuna sabon kayansa, amma ta fi sauƙi a kan neman mai gyaran tsaga, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba.

Maganar danshi a cikin akwati ita ce zuciyar kulawar gaba ɗaya, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Babu mai iya gyara iskar gari, gyara iskar ɗaki ma sai da wuta da na'ura, amma iskar cikin akwati 'yar kaɗan ce, kowa zai iya sarrafa ta. Hanya mafi arha ita ce a samu ƙaramar robar magani mai murfi, a huda murfin wuri biyar ko shida, a sa guntun soso a ciki. A jiƙa soson da ruwa mai tsabta a matse shi har ya daina ɗiga, sannan a rufe a ajiye a wani lungun akwatin inda ba zai taɓa katako ko maɓalli ba. A tsakiyar hunturu soson yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a riƙa dubawa. Akwai kuma 'yan fakitin da ake sayarwa, irin na kamfanin Boveda masu lamba 49, waɗanda ke sakin laima idan iska ta bushe su kuma shanye idan ta yi yawa. Suna daina aiki idan suka taurare. Tsofaffin masu busa a Turai da Amurka suna sa ɓawon lemo, yana kuwa taimakawa, amma idan aka manta da shi sai ya yi funfuna.

Idan akwatin yana da ƙofofin iska, a sa shi gaba ɗaya cikin babbar leda mai kauri a ɗaure bakin. Mutane da yawa suna barin ƙananan fakitin ƙwayoyin shanye danshi da ke zuwa cikin sabbin kaya, suna ganin kariya ce. Da damina suna da amfani. Da hunturu kuwa ƙara wa katakon ƙishirwa suke yi, a fitar da su.

Ma'aunin laima mai arha yana iya yin ƙarya, kuma gwada shi ba wuya. A cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a sa shi da ma'aunin cikin leda a rufe ruf har kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da laimar iskar da ke kewaye da shi a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 70, an san yana rage biyar, sai a riƙa ƙara masa a lissafi.

Sai gogewa. Ana amfani da ƙyalle na siliki ko wani mai laushi da ba ya zubar da zare, mai igiya da ɗan nauyi a ƙarshenta. A cire bakin busa, a juya kilarinet, a saki igiyar ta buɗaɗɗen bakin ta fito ta sama, a jawo a hankali. A warware ƙyallen tukuna, domin a cikin gaɓar sama akwai ɗan bututun ƙarfe da ya leƙo cikin ramin, kuma dunƙulallen ƙyalle yana maƙalewa a kansa. Idan ya maƙale kada a ja da ƙarfi, kada kuma a tura sukudireba ko waya, a koma da shi ta inda ya shigo ko a kai wa mai gyara. A lokacin rani ana gogewa duk bayan minti 15 ko 20 na busa, ba sai an tashi ba.

Wurin da ake yawan mantawa shi ne cikin bakunan gaɓoɓi. Ruwa yana kwanciya a can, kuma a nan ne kan jijiyar katakon yake a buɗe, yana shan ruwa da sauri fiye da ko'ina. A raba gaɓoɓin duka bayan kowace busa, a share bakunan da wani ƙyalle dabam, saboda man da ake shafa wa kok ɗin da ke naɗe da mahaɗa kada ya shiga ƙyallen ciki. Jiƙaƙƙen ƙyallen kuma kada a cusa shi a kan gaɓoɓin, a shanya shi a waje. Idan wani sauti yana gurguɗa, ruwa ne ya shiga ƙaramin rami. A hure shi, a sa siririyar takarda marar gam a ƙarƙashin matoshin, a danna a saki har ta shanye.

Kafin a fara busa da sanyin safiya, a riƙe 'yar ganga da gaɓar sama a tafin hannu ko a hammata na 'yan mintuna har bayansu ya yi ɗumin jiki. Hura iska mai zafi a ciki don a ɗumama ta kuskure ne, domin cikin ne ake ƙara kumburawa. Kusantar da ita ga gawayi ko hita ya fi wannan muni. Haka ma barin akwati a cikin mota a rana, inda zafi ke iya haura digiri 60, har gam ɗin da ke riƙe matosai da kok ya yi laushi.

Ƙurar hunturu tana da nata ɓarnar. Tana shiga mahaɗan maɓallai ta gauraya da mai, ta zama abin da ke cin ƙarfe a hankali. Ƙaramin burushi mai laushi, irin na masu zane, ya isa a kakkaɓe tsakanin maɓallai da bakin ramuka sau ɗaya a mako. Bakin busa kuwa ana wanke shi da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan. Ruwan zafi yana sauya launin taurarriyar robar da ake yin sa da ita zuwa kore ko ruwan ƙasa, yana kuma iya lanƙwasa fuskar da harshen kara ke kwanciya a kai. Jikin katakon ba a wanke shi da ruwa sam, ba a kuma shafa masa sifirit.

Batun mai shi ne inda mutane suka fi ɗora fata, kuma shi ne inda masu ƙerawa da masu gyara suka fi saɓani. Wasu suna ganin girenadila yana da isasshen maiƙo, wasu suna shafawa sau ɗaya ko biyu a shekara. Abin da babu gardama a kai shi ne mai ba ya mayar wa katako ruwan da ya rasa, abin da yake yi kawai shi ne rage saurin shan ruwa ta ciki. Wanda ya shafa mai ya bar akwati a bushe bai tsira ba. Idan cikin ramin ya yi fari fari ya rasa sheƙi, to ana iya shafawa: a bar kilarinet kwana ɗaya ba a busa ba, a sa takarda ƙarƙashin matosai, a ɗiga man almon ko man da aka yi don wannan aiki digo kaɗan a ƙyalle na musamman, a zura har ciki ya ɗan yi sheƙi, a bar shi ya kwana, a share abin da ya rage. Manja, man inji da man shafawa ba su da wuri a nan, kuma duk man da ya taɓa matoshi sai ya taurara shi ya fara yoyon iska.

Sarewar katako irin ta Turai, wadda ake busawa a kaikaice, tana bin waɗannan ƙa'idoji duka, da ƙarin haɗari ɗaya. Da yawa daga cikinsu, musamman na ƙarni na 19 da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, an zura musu bututun ƙarfe a cikin gaɓar kai. Ƙarfe ba ya tsukewa da bushewar iska, katakon da ke lulluɓe da shi kuwa yana tsukewa, shi ya sa tsofaffin sarewu da yawa suke da tsaga a kai, wani lokacin ta ratsa har ramin busawa. Irin wannan sarewa tana iya tsagewa a cikin akwatinta ba tare da kowa ya busa ta ba, idan laima ta faɗi sosai. Waɗanda mahaɗinsu zare ne aka naɗa a maimakon kok, idan sun yi sako-sako da rani akan ƙara zare, amma dole a rage shi da shigowar damina, in ba haka ba mahaɗin ya kumbura ya fasa bakin.

Idan an ga layi a jikin katako, ba kowane layi ne tsaga ba, domin girenadila yana da jijiyoyi na halitta, gajeru marasa zurfi. Tsaga ta fi tsawo, takan nufi rami ko ginshiƙi, takan kuma ƙara buɗewa bayan an busa. Ana gwada gaɓar sama ta hanyar toshe ramukan da yatsu, a toshe ƙasan da tafin hannu, a zuƙi iskar ciki da baki. Lafiyayyar gaɓa takan kama leɓe na ɗan lokaci. Idan ba ta kama ba akwai yoyo, ko daga matoshi ko daga tsaga.

Da zarar an tabbatar, a daina busa. A ɗauki fensir a yi alama a farkon tsagar da ƙarshenta, a kuma ɗauki hoto, domin bayan kwana biyu a akwati takan rufe har mai gyara ya kasa ganinta. Kada a ɗura mata gam a gida, kada a shafa mai, saboda mai yana hana gam ɗin mai gyara kamawa. Ƙaramar tsaga ana cike ta da gam mai ruwa da garin girenadila. Babba kuwa ana ɗinke ta da siraran ƙusoshi masu zare da ake ratsawa a kaikaice cikin kaurin katakon, ko a yanka 'yar kwari a kewaye a ɗaure da zaren kabon. Idan ta ratsa bakin rami, sai an sake gina bakin don matoshi ya zauna daidai. Kilarinet da aka gyara da kyau tana iya ci gaba da aiki shekaru masu yawa.

Ga wanda aikinsa fareti ne a rana da ƙura, gaskiyar magana ita ce katako bai dace da shi ba. Kilarinet ta roba ba ta san hunturu ba, kuma a fili babu mai jin bambancin sautin. Kamfanin Buffet Crampon na Faransa ya fito a 1994 da samfurin Green Line, wanda ake yi da garin girenadila kashi 95 haɗe da zaren kabon da gam, ba shi da jijiyar da zai tsage ta kanta, ko da yake yana iya karyewa a mahaɗi idan ya faɗi. Yamaha kuma tana da samfuran katako da aka shafe cikin gaɓar samansu da roba don kada numfashi ya taɓa katakon. Shugaban badujalar da ke da kuɗin kilarinet goma zai fi amfana idan ya sayi takwas na roba don fili, biyu na katako don zaure, tare da ma'aunin laima a cikin akwatin kowace ta katako.